Neman canza sashe ɗaya na kwantiragi ta imel ba tare da ka kwance wanda aka sa wa hannu ba

"Assalamu alaikum, Lauya. Ni nake riƙe wa mahaifina harkar masara. Muna ɗaukowa daga Techiman, muna kai wa wani kamfanin abincin kaji buhu 200 ranar ɗaya ga kowane wata, kan sidi 350 kowane buhu. Mun sa hannu a kwantiragin shekara guda ranar 10 ga Janairu, kai kaya daga Fabrairu zuwa Janairu mai zuwa. Sashe na 7 ya ce za su biya kwana 45 bayan an sauke kaya. Jarinmu ya fara maƙalewa, ina so a mai da shi kwana 14. Yaya zan rubuta musu imel ba tare da su ce na fasa kwantiragin ba, kuma kowa ya san wace takarda ce ke aiki?" Wani mai karatu daga Aboabo, Kumasi.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka buɗe imel ɗin, ɗauko takardar da aka sa wa hannu, ta asali, ka je shafukan ƙarshe, waɗanda mutane ke tsallakewa saboda babu maganar kuɗi a cikinsu. Abu uku za ka nema. Akwai sashen da ya faɗi yadda ake gyara kwantiragin, wanda galibi yakan ce gyara ba ya aiki sai an rubuta shi kuma ɓangarorin biyu sun sa hannu. Akwai sashen da ya faɗi yadda ake aika sanarwa da adireshin da ake aikawa. Sannan akwai wurin sa hannu, inda za ka ga wanda ya tsaya wa kamfanin da muƙaminsa, ka kuma ga wanda ya tsaya muku. Idan mahaifinka Alhaji ne ya sa hannu da sunansa, to shi ne mai kwantiragin a idon doka, kai kuwa wakili ne, kuma ya kamata imel ɗinka ya nuna da yawunsa kake magana.

Abin da ke sa imel ya zama tarko

A Ghana saƙon imel rubutu ne mai nauyi. Dokar hada-hada ta na'ura ta 2008, wato doka mai lamba 772, ta amince da rubutun da ke cikin na'ura a matsayin rubutu, kuma ana iya gabatar da shi a kotu. Gyaran kwantiragi kuwa shi ma ƙaramin kwantiragi ne: wani ya yi tayi, wani ya amsa. Don haka idan ka rubuta "a mai da biya kwana 14" aka amsa "mun yarda", akwai ƙofar da za a ce an gama gyara ke nan, ko da ba a fitar da sabuwar takarda ba.

Za ka ce ai abin da kake nema ke nan. Da za su amsa haka kai tsaye, da sauƙi. Amma mai saye ba ya sakin kwana 31 na bashi kyauta. Abin da na saba gani shi ne amsa irin wannan: "Za mu iya kwana 21, in za ku rage sidi 5 a buhu." Kai kuma kana kasuwa, waya a hannu, ana ɗora kaya a mota, sai ka rubuta "to, ba damuwa" da nufin ka ga saƙon, za ka yi shawara da Alhaji. Su kuwa sun karanta shi a matsayin amincewa. Sidi 5 sau buhu 200 dubu ɗaya ke nan a wata, daga Yuli zuwa Janairu wata 7, sidi 7,000 sun tafi kan kalma uku. Ƙarshen wata suna riƙe da lissafi ɗaya, kuna riƙe da wani, kuma kowa yana da imel ɗin da zai nuna.

Sashen nan da ya ce sai an rubuta an sa hannu yana ba da kariya, kuma kotuna suna ɗaukarsa da muhimmanci. A 2018 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a shari'ar Rock Advertising da MWB cewa idan kwantiragi ya hana gyaran baki, to gyaran da aka yi da baki ba ya aiki. Sai dai imel ba baki ba ne. A 2019, a shari'ar Neocleous da Rees, wata kotu a Manchester ta ɗauki sunan da na'ura ke maƙalawa da kanta a ƙasan imel a matsayin sa hannu. Hukuncin Ingila ba ya ɗaure alƙalin Ghana, amma lauyoyinmu suna kawo shi kuma ana saurara, domin tushen dokar kwantiraginmu daga can yake. Ma'anar wannan a gare ka ita ce, imel biyu masu ɗauke da suna a ƙasa za su iya cika sharaɗin "rubutu da sa hannu" ba tare da kowa ya taɓa biro ba. Shi ya sa dole imel ɗinka ya faɗi da bakinsa cewa shi ba gyara ba ne, kuma amsarsa ma ba za ta zama gyara ba.

Akwai kuma abu biyu a Dokar Kwantiragi ta Ghana ta 1960, doka mai lamba 25, da nake so ka riƙe. Sashe na 8 ya ce alƙawarin yafe bashi, ko wani ɓangare nasa, ko yafe wani aikin da ke kan mutum, ba ya ɓaci don kawai ba a ba da komai a madadinsa ba. Wato idan ka rubuta cikin kara "kada ku damu da ranar biyan wancan watan", ba za ka dawo ka ce ai ba su ba ni komai ba. Sashen ya kuma ce wanda ya yi alƙawarin barin tayinsa a buɗe zuwa wani lokaci, rashin wani abu a madadi ba ya warware alƙawarin. Don haka kada ka rubuta "wannan tayin yana nan har ƙarshen wata". Farashin masara a Techiman zai iya motsawa kafin ƙarshen watan, kai kuma ka riga ka ɗaure hannunka. Idan kana son amsa da wuri, ka roƙi amsa zuwa rana kaza, wannan roƙo ne kawai.

Haɗarin da ka fi jin tsoro, na a ce ka fasa, yana fitowa ne daga jimla irin "ba za mu iya ci gaba da kawo kaya ba sai an gyara sashe na 7". Na san a bakinmu kuka ne na ɗan kasuwa da jarinsa ya maƙale. A takarda kuwa yana kama da sanarwar cewa ba za ka cika alƙawari ba, kuma wanda ya samu masara mai rahusa a wani wuri zai iya kama wannan jimlar ya ce kai ka fara warwarewa. Ka faɗi damuwarka da lissafi, ka bar barazana.

Imel ɗin kansa

Ka aika wa wanda ya sa hannu a madadin kamfanin, ko adireshin da sashen sanarwa ya ambata, ka sa manajan sayayya da kuka saba magana da shi a layin `Cc`. Ka buɗe sabon saƙo, kada ka ɗora a kan tsohon zaren da ake maganar mota da ranar sauke kaya. A layin taken saƙo ka fara da `Subject to contract`, da Turanci yadda yake, domin lafazi ne da lauyoyi da alƙalai suka san ma'anarsa: ana tattaunawa ne, babu abin da ya ɗauru sai an sa hannu a takarda. Mutane da yawa suna rubuta `Without prejudice` a wurin, suna zaton abu ɗaya ne. Wancan na lokacin rigima ne, idan ana neman sulhu kuma ba a so a kai abin da aka faɗa gaban alƙali. Ku ba rigima kuke yi ba, kuma shi kaɗai ba ya hana a ɗaure ka da abin da ka yarda da shi.

Ga yadda zan tsara jikin saƙon. Na rubuta da Hausa don ka ga ƙashin bayansa, kai ka mai da shi harshen da aka rubuta kwantiragin da shi:

> Ranka ya daɗe, ina rubutowa a madadin mahaifina kan kwantiragin kawo masara da aka sa wa hannu ranar 10 ga Janairu.
>
> Sashe na 7 a yanzu yana cewa: "Mai saye zai biya kuɗin kowane kaya cikin kwana 45 daga ranar da aka sauke shi." Muna neman a tattauna mai da shi: "Mai saye zai biya kuɗin kowane kaya cikin kwana 14 daga ranar da aka sauke shi", kan kayan da aka sauke daga 1 ga Yuli zuwa gaba. Dalili shi ne muna biyan kuɗin masarar hannu da hannu a Techiman, kuma a tsarin yanzu kuɗin kaya biyu, sidi 140,000, yakan taru a waje.
>
> Wannan shawara ce don tattaunawa. Kwantiragin 10 ga Janairu, har da sashe na 7 yadda yake, shi ne ke aiki, kuma za mu ci gaba da kawo kaya bisa shi. Babu gyaran da zai fara aiki sai ɓangarorin biyu sun sa hannu a takardar gyara ta daban. Wannan saƙon, da amsarsa, da sunan da ke ƙasansu, da duk abin da aka faɗa ta waya ko WhatsApp, ba sa zama gyara ko yafe wani haƙƙi.
>
> Za mu ji daɗin samun amsarku zuwa 10 ga Yuni.

Lura da yadda aka kira kwantiragin da ranar sa hannunsa. "Yarjejeniyarmu" ko "takardar da muka yi" ba su isa ba, domin kafin a sa hannu a Janairu tabbas daftari biyu ko uku sun yi yawo tsakaninku, kuma suna nan a akwatin imel ɗin kowa. Tsohon lafazin kuma ka kwafo shi daga takardar harafi da harafi, kada ka rubuta daga ka. Idan ka rubuta "daga ranar da aka sauke" alhali takardar ta ce "daga ranar da aka karɓi takardar neman biya", ka buɗe gardama ta biyu kan abin da ba shi ka zo gyarawa ba.

Na zaɓi cewa "muna neman a tattauna" da gangan. Za ka iya yin cikakken tayi wanda "mun yarda" kaɗai za ta rufe shi, kuma wani lokacin hakan ne dabara, idan abu ɗaya ne tak kuma ka tabbata ba za a yi ciniki ba. A naka za a yi ciniki, kuma akwai Alhaji a bayanka da maganar ƙarshe take wurinsa. Barin ƙofar a buɗe har ranar sa hannu ya fi muku.

In kana jin nauyin sakin layi na uku na imel ɗin, kana ganin kamar rashin yarda ne ga mutanen da kuka yi wata biyar kuna mu'amala lafiya, ka kira manajan kafin ka aika, ku gaisa, ka ce masa saƙo na tafe. Mu dai mun taso da aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta umarci a rubuta bashin da aka yanka wa lokaci, kuma kuɗin masarar da ke jiran kwana 45 irin wannan bashin ne. Kamfanin ma wannan sakin layin yana kare su, domin ma'aikacinsu ba zai ɗaure su bisa kuskure ba.

Abin da ake maƙalawa

Kada ka buɗe dukan kwantiragin a Word ka canza 45 zuwa 14 ka aika. Ta nan ake haifar da takardu biyu masu kama da juna, shafi goma goma, bambancinsu lamba ɗaya, bayan wata shida kuma babu mai tuna wacce ce wacce. Ka maƙala hoton takardar da aka sa wa hannu a matsayin PDF, tare da daftarin gyara na shafi ɗaya, a rubuta "daftari, ba a sa hannu ba" a samansa. Sunan fayil ɗin ma ya faɗi haka:

```
Contract_SIGNED_10Jan.pdf
Amendment1_DRAFT_v1_26May.docx
```

Idan sun dawo da daftarin da nasu gyaran, ka roƙi su kunna `Track Changes`, sannan duk da haka ka gwada nasu da naka ta `Compare` da ke ƙarƙashin `Review`. Shafi ɗaya ne, minti biyu ya isa.

Abin da hannu ke yi bayan an aika

Nan ne na fi ganin mutane suna faɗuwa, ko da imel ɗinsu ya yi kyau. Alƙali ba ya tsayawa kan abin da aka rubuta kaɗai, yana duba abin da ɓangarorin suka yi ta yi. Wata Hajiya ta taɓa zuwa ofishina da jakar leda cike da takardun neman biya. Tana kai wa wani otal shinkafa buhu 40 a wata, ta nemi ƙarin sidi 60 a buhu, mai kula da sito ya amsa mata da kalma ɗaya cewa ya yi. Wata uku tana rubuta sabon farashi, ofishin kuɗi na biyan tsohon, tana zaton cikon na tafe. Ta shimfiɗa takardun a kan teburina ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora wayarta a kai, tana nuna mini saƙon da yatsa. Da muka buɗe kwantiragin, ya ce gyara sai da hannun darakta. Mai sito ba shi da wannan ikon, kuma biyan da aka yi ta yi da tsohon farashi ya nuna otal ɗin bai taɓa ɗaukar an canza komai ba. Sidi 7,200 take bi a lissafinta. Abin da muka iya samu shi ne sabon farashi daga watan gaba, a rubuce, na baya kuwa ya tafi. Abin ya dame ni, domin mace ce mai gaskiya, kuma shafi ɗaya da an sa wa hannu tun farko da ya tsare mata kuɗinta.

A naka, takardar neman biya ta 1 ga Yuni ta ci gaba da ɗaukar kwana 45, wato 16 ga Yuli. Kada ka rubuta 14 don "ai an kusa gamawa". Idan suka biya da wuri don kyautatawa, ka yi godiya a rubuce ka ce ka karɓa a ƙarƙashin kwantiragin 10 ga Janairu. Idan kuma suka turo kuɗi an cire sidi 5 a buhu, wato 69,000 a maimakon 70,000, to alama ce sun ɗauka an gama ciniki. Ka rubuta musu a ranar cewa ka karɓi 69,000 a matsayin wani ɓangare na biya, saura 1,000, kuma ba a sa hannu a wani gyara ba tukuna. Shiru na wata ɗaya ana iya bayaninsa. Idan ya kai wata uku kana karɓa ba ka ce uffan ba, lauyansu zai ce halinka ya nuna ka yarda, kuma maganarsa za ta yi nauyi.

Duk wata hira ta waya, ka bi ta da layi biyu a wannan zaren: ga abin da muka tattauna yau, har yanzu shawara ce, kwantiragin Janairu ne ke aiki. Kalmar "na gani, zan dawo muku bayan na yi shawara da Alhaji" ita ce amsarka ga duk wani sabon tayi da ya same ka a kan hanya.

Idan an daidaita

Takardar gyara ta ambaci kwantiragin da ranarsa, ta kawo sabon lafazin sashe na 7 cikakke, ta faɗi kayan da ya shafa, ta ce duk sauran sassa suna nan yadda suke, sannan waɗanda suka sa hannu a Janairu, ko masu irin ikonsu, su sa hannu da kwanan wata. Idan akwai sashen da ke maganar tarar jinkirin biya ko dakatar da kawo kaya, ka duba ko ya ambaci kwana 45 da lamba, domin in ka gyara ɗaya ka bar ɗaya, takardar za ta yi karo da kanta.

Akwai wani lissafi da nake so ka yi kafin su yi maka shi. Kayan 1 ga Yuni, a tsohon tsari, za a biya shi 16 ga Yuli. Kayan 1 ga Yuli, a sabon tsari na kwana 14, za a biya shi 15 ga Yuli. Wato kamfanin zai fitar da sidi 140,000 cikin kwana biyu. Akanta na ganin haka zai ce a'a, ko da darakta yana son taimaka muku. Ka shirya musu tsani: kayan Yuli kwana 30, daga Agusta kwana 14 ko 21. A ganina wannan ya fi muku a kan rage farashin buhu, domin jinkirin wata ɗaya sau ɗaya za ku ji shi, ragin sidi 5 kuwa zai bi ku har Janairu, kuma daga shi za a fara cinikin kwantiragin baɗi.

Ban ga takardarku ba, kuma abin da aka rubuta a cikinta yana gaba da duk abin da na faɗa a nan. Idan sashen sanarwa ya ce sai wasiƙa ta hannu ko ta gidan waya, ka buga imel ɗin ka kai, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Idan akwai wanda ya tsaya wa kamfanin lamuni, ko banki ya ba ku bashi bisa wannan kwantiragin, a nemi yardarsu a rubuce kafin a taɓa ranar biya, domin gyaran da aka yi ba da sanin mai lamuni ba zai iya sauke masa nauyin. Maganar fili da gida kuma hanyarta daban, kada wani ya ɗauki wannan amsar ya yi aiki da ita a can. Daftarin shafi ɗayan nan, ka kai wa lauya ya karanta tare da kwantiragin Janairu kafin Alhaji ya sa hannu. Ka gaishe mini da shi.